Tsufan bashi ba ya sa mutum gaba a layi

Na sha jin 'yan kasuwa suna cewa idan kamfani ya karye, wanda ya fi daɗewa yana bin sa bashi shi za a fara sallama, musamman in yana da hukuncin kotu a hannu. Ban ga laifin masu wannan tunani ba, domin haka muka saba a mu'amala, kuma akwai adalci a cikinsa. Sai dai dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta 2020, irin bashin take dubawa, ba ranar da aka ci shi ba.

A ɗauka an rusa wani kamfanin casar shinkafa. Banki na bin sa naira miliyan 50, kuma ginin masana'antar yana jingine a hannunsa. Aka sayar da ginin miliyan 60. Bankin zai kwashi kuɗinsa cif kafin kowa, ko da bara ya ba da rancen. Sauran miliyan 10 sai a haɗa su da miliyan 20 na motoci da kayan sito, su zama 30. Daga nan jami'in da aka naɗa ya raba dukiyar zai cire kuɗin aikin rusawa, a ce miliyan 5. Sai basussukan da sashe na 657 ya fifita, irin su albashin ma'aikata da kuɗin fanshonsu da haraji, a ce miliyan 15. Saura 10.

Yanzu ne za a waiwayi waɗanda suka ba da kaya bisa amana, ba tare da jingina ba. In jimillar abin da suke bi miliyan 100 ne, kowa zai samu kwabo 10 a kan kowace naira. Dillalin da ya kai shanshera ta miliyan 8 shekara uku da suka wuce zai tashi da dubu 800, mai buhuna da ya kai na miliyan 2 a watan jiya kuma dubu 200. Ma'auni ɗaya aka yi musu. Ko dillalin ya yi nasara a kotu, muddin bai kai ga karɓar kuɗinsa ba kafin a fara rusawa, hukuncin ya tabbatar da bashin ne kawai, bai sauya masa matsayi ba. Masu hannun jari kuwa su ne na ƙarshe, a nan ko sisi ba za su gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa ai an rubuta musu takardar jingina. Jingina a kan kadarar kamfani sai an yi mata rajista a hukumar CAC cikin kwana 90. In ba a yi ba, jami'in ba zai yi aiki da ita ba, mai ita ya koma sahun dillalin shanshera. Haka wanda ya matsa wa daraktoci suka biya shi a ɓoye dab da rusawa don a fifita shi, ana iya sa shi ya mayar da kuɗin a raba da kowa.