Yadda ɗan kasuwar canji ke gane dabararsa ta fara mutuwa

Kafin mai cinikin kuɗaɗen waje ko hannun jari ta intanet ya zuba kuɗinsa, yakan gwada dabararsa a kan farashin shekarun baya. Manhajar MetaTrader tana da sashen yin haka, mai suna Strategy Tester. Sai dai nasarar gwaji ba ta cika bin mutum cikin kasuwa yadda take ba. A 2016 masana biyu, David McLean da Jeffrey Pontiff, sun bibiyi hanyoyi 97 na hasashen ribar hannun jari, suka gano ribarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari bayan an wallafa su. To, in asara ta fara zuwa, yaya za a bambanta rashin sa'a da mutuwar dabara?

Mu ɗauki misali. Wani ya gwada dabararsa a kan ciniki 400. Ta ci riba a kashi 45 cikin ɗari. In ta ci, dala 20 take kawowa, in ta faɗi, dala 10 ke tafiya. Ke nan kowane ciniki yana barin dala 3 da rabi a matsakaici. Abin da zai yi kafin ya fara da kuɗin gaske shi ne ya shata iyakoki, wato ya rubuta yadda sakamako zai iya kaucewa daga gwajin ba tare da hankalinsa ya tashi ba. Ga lissafin da aka saba amfani da shi:

```
iyaka = p ± 2 × √(p × (1 − p) ÷ n)
```

A nan p shi ne rabon cin riba a gwaji, n kuma yawan cinikin da aka yi da kuɗin gaske. In n ya kai 50, iyakar za ta kama daga kashi 31 zuwa 59, wato ci 16 zuwa 29. In ya kai 100, sai ta matse zuwa 35 da 55. Saboda haka ciniki goma ko ashirin ba sa yanke wa dabara hukunci. Mai irin wannan dabara ma zai iya faɗuwa sau takwas ko tara a jere cikin ciniki 400 alhali tana nan lafiya lau.

Yanzu mutumin namu ya yi ciniki 50, ya ci 19, ya faɗi 31. Ci 19 yana cikin iyaka, don haka babu laifin dabara tukuna. Amma ya tarar da asarar dala 25 a asusunsa, domin ribar da ya tara dala 285 ce, asarar kuma 310. Da kowane ci ya kawo dala 20 kamar yadda gwaji ya nuna, da ya tara 380, ya tashi da ribar dala 70.

A nan littafin ciniki ke amfani. A cikinsa ake rubuta farashin da aka yi niyyar shiga da wanda dillali ya bayar, kuɗin dillali, da dalilin fita daga kowane ciniki. Da ya duba, sai ya ga ciniki tara ne kawai suka kai inda ya tsara, suka kawo dala 180. Sauran goman da hannunsa ya rufe su don tsoron kada ribar ta kuɓuce, duka-duka suka kawo 105. Matsalar daga mai dabarar take, kuma maganinta ya bar cinikin ya kai inda aka tsara masa. Da littafin ya nuna farashin shiga ne ke zamewa kullum, da sai a sake gwajin da kuɗin dillali na gaskiya.

Mutuwar dabara kamanninta daban ne. An bi ƙa'ida sau da ƙafa, farashin shiga ya yi daidai da na tsari, amma bayan ciniki 100 ci 32 kawai aka samu. Wannan ya fice daga iyaka, ya kuma gaza ɗaya bisa uku, wanda shi ne abin da dabarar ke buƙata don ta mayar da kuɗinta. Matakin da ya dace tun farko ake rubuta shi: a rage kuɗin da ake sawa da rabi in an kusa iyaka, a dakata in an tsallake ta, a ci gaba da bibiya a asusun gwaji.

Iyakokin su ma suna da rauni. Ko dabara na lafiya, kusan sau ɗaya cikin ashirin za ta fice daga cikinsu, kuma mai dubawa kullum zai fi yawan firgita a banza, shi ya sa ake sa lokacin dubawa, kamar bayan kowane ciniki 25. Haka nan in an yi ta gyara dabara har ta dace da tsohon farashi, kashi 45 ɗin nan tun asali ba gaskiya ba ne. Mai karatu, ka rubuta iyakokinka kafin cinikin farko, kuma kada ka faɗaɗa su ranar da asara ta zo.