Ƙwayar jinin da ta dunƙule: dalilin da ke sa saifa take tsare ta

Akwai gidajen da shawara ke bin zuriya. Kaka ya yi ta fama da ita, uba idonsa ba ya rabuwa da ɗorawa-ɗorawa, ga jariri kuma an haife shi ya yi shawara tun kwana na biyu. An yi gwajin sikila, sakamako ya ce AA ne. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro har an gaji, amma jini bai daina ƙaranci ba, saifa kuma tana nan a kumbure ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kawo irin wannan ita ce wadda likitoci ke kira sifirosaitosis na gado, wato cutar dunƙulewar jajayen ƙwayoyin jini. A cikinta saifa ce ke halaka ƙwayoyin jini, amma saifar lafiyarta lau, aikinta kawai take yi. Lahanin yana jikin fatar ƙwayar.

Lafiyayyar jar ƙwayar jini ba dunƙulalliya ba ce. Faifai ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, faɗinta kamar maikiron 7 zuwa 8, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Wannan siffa tana ba ta rarar fata, kusan kashi 40 cikin 100 fiye da abin da take buƙata don rufe abin da ke cikinta. A ɗauki ledar ruwa da aka zuba wa ruwa rabi aka ƙulle: za a iya lanƙwasa ta, a miƙar da ita, a cusa ta ta tsakanin ƙarafan taga ta wuce. A cika wata ledar taf har ta yi tauri, ko an danna ba za ta shiga ba, sai dai ta fashe. Abu dunƙulalle shi ne wanda fatarsa ta yi daidai da cikinsa ba ragowa, don haka ba shi da halin sauya siffa.

Abin da ke riƙe da fatar ƙwayar wata saƙa ce ta sinadaran furotin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta. Zaren saƙar shi ake kira sifektirin. Akwai kuma waɗanda ke ɗaure saƙar da fatar ta sama, manyansu su ne ankirin da furotin mai lamba 3 da mai lamba 4.2. Mai wannan cuta ya gaji ƙaranci ko lahani a ɗaya daga cikinsu, an fi samun matsalar a ankirin. Inda ɗaurin ya yi sako-sako, fatar takan ɓalle ƙanana-ƙanana yayin da ƙwayar ke yawo a jijiyoyi. Ƙwayar tana fitowa daga ɓargo da siffa kusan daidai, amma kullum fatarta na raguwa alhali abin da ke ciki bai ragu daidai da haka ba. A hankali loɓawar ta ɓace, ƙwayar ta dunƙule.

A mafi yawan sassan jiki, dunƙulalliyar ƙwaya tana iya wucewa, tana kuma ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, domin himogulobin ɗinta lafiyayye ne. Nan ta bambanta da sikila, inda lahanin yake a himogulobin kansa. Wurin da take gamuwa da cikas shi ne saifa. Wani kaso na jinin da ke shiga saifa yakan fita daga jijiyoyi ya malala cikin tsokarta, inda yake tafiya sannu a hankali. Kafin ƙwaya ta koma cikin jijiya, dole ta kutsa ta wasu 'yan tsagogi da faɗinsu bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Lafiyayyar ƙwaya takan miƙe, ta sirance, ta wuce, sannan ta koma siffarta. Da haka saifa ke gane tsofaffin ƙwayoyi da suka yi tauri bayan kwana 120, ta kawar da su. Dunƙulalliya kuwa, ko da ƙuruciyarta, sai ta maƙale.

Wurin da ta maƙale ba wurin zama ba ne. Sukari ya yi ƙaranci, ruwan wurin da tsami-tsami, ga kuma manyan ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye duk abin da ya lalace. Suna gutsurar fatarta, ta ƙara ƙanƙancewa da tauri. Wadda ta samu ta kuɓuta za ta sake dawowa a wani zagayen, a nan a haɗiye ta gaba ɗaya. A wurin masu cutar da tsanani, ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ba ta wuce 'yan makonni.

Likitan Jamus Oskar Minkowski ya bayyana cutar a cikin zuriya ɗaya a 1900, Bafaranshe Anatole Chauffard kuma ya nuna a 1907 cewa ƙwayoyin suna saurin fashewa idan aka sa su a ruwan da gishirinsa ya yi ƙasa. Gwaje-gwajen ƙarin jini na shekarun 1940 suka raba gardama. Jinin lafiyayye da aka ƙara wa mai cutar ya yi cikakken kwanakinsa, wato saifarsa ba ta taɓa lafiyayyar ƙwaya. Jinin mai cutar kuwa, a jikin lafiyayye mai saifa, nan da nan yake ƙarewa. An fi sanin cutar a tsakanin mutanen arewacin Turai, inda ake ƙiyasta mutum 1 cikin 2,000, amma ana samun ta a kowace al'umma. Kusan kashi 75 cikin 100 na masu ita sun gada ne daga mahaifi ɗaya, uwa ko uba, kuma a irin wannan gado kowane ciki yana da yiwuwar rabi da rabi. Ke nan ba sai iyaye biyu sun haɗu a kai ba kamar yadda yake a sikila, kuma gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna ta.

Bari mu ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 7. Mahaifinta an taɓa cire masa matsarmama saboda tsakuwa tun yana saurayi. Ita kuma fararen idonta sukan yi ɗorawa duk lokacin da ta yi mura, tana saurin gajiya, likita ya taɓa cikinta ya ji bakin saifa ya sauko ƙasa da haƙarƙari. Kowace alama tana da tushe a abin da muka bayyana. Saifa ta girma saboda yawan aiki da cunkoson ƙwayoyi. Himogulobin ɗin ƙwayoyin da aka haɗiye yana komawa wani sinadari ruwan ɗorawa mai suna bilirubin, shi ne ke rina ido ko da hanta lafiyarta lau. Yawansa a cikin ruwan matsarmama shi ke daskarewa ya zama baƙar tsakuwa, irin wadda mahaifin ya yi.

Awo ya nuna himogulobin ɗinta giram 9 ne a kowace desilita. Sababbin ƙwayoyin da ɓargo ya saki sun kai kashi 10 cikin 100, alhali a lafiyayye 1 zuwa 2 ne, alamar ɓargo yana aiki ba hutu don cike giɓi. Da aka shafa ɗigon jininta a gilashi aka duba a madubin likita, sai ga ƙananan ƙwayoyi jawur, ba su da farin tsakiyar nan da loɓawa ke bayarwa. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin akwai cutar da garkuwar jiki ke kai wa ƙwayoyin jini hari, ita ma tana dunƙule su. Don haka ake yin gwajin Coombs, wanda a cutar gado ba ya nuna komai. Inda akwai kayan aiki, ana tabbatarwa da gwajin EMA, wani rini mai manne wa furotin mai lamba 3. Duba jinin iyaye ma yana taimakawa ƙwarai.

Hatsarin da ya fi kamata iyayenta su sani shi ne ranar da ɓargo ya tsaya. Akwai ƙwayar cuta mai suna fabobairos B19, wadda ke dakatar da ƙera jajayen ƙwayoyi na kamar mako guda zuwa kwana 10. Lafiyayyen yaro yana asarar kashi 1 cikin 120 na ƙwayoyinsa a rana, mako guda ba zai girgiza shi ba. Idan ƙwayoyin wannan yarinya kwana 20 suke yi, kashi 5 cikin 100 take asara kullum, cikin mako guda giram 9 ya koma kusan 6. Alamar ita ce fari fat a tafin hannu da leɓe, kasala, haki da bugun zuciya, ba tare da shawarar ta ƙaru ba. Wannan na asibiti ne a ranar, sau da yawa sai an yi ƙarin jini. Haka ma jaririn irin wannan gida da ya yi shawara a kwanakin farko: a kai shi a auna, a sa shi a fitilar asibiti, domin bilirubin mai yawa yana lalata ƙwaƙwalwar jariri.

Babu maganin da ke gyara fatar ƙwayar. Masu cutar da sauƙi, kuma suna da yawa, ba sa buƙatar komai sai sa ido. Masu matsakaiciya da mai tsanani ana ba su folik asid, don ɓargo mai yawan aiki yana cinye shi da sauri. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba ya amfani sai an auna an ga ƙarancinsa, domin jiki yana sake amfani da ƙarfen ƙwayoyin da suka mutu. Tsaga a kan ciki ma ba ta rage saifar, tunda dalilin kumburin yana cikin jini.

Tiyatar cire saifa kuwa tana aiki sosai. Ƙwayoyin suna nan a dunƙule bayan tiyata, amma tunda babu tsagogin da za su maƙale, sai su yi kusan cikakken kwanakinsu, jini ya hau, shawara ta lafa. Sai dai saifa ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, musamman masu kawo ciwon huhu da sanƙarau. Wanda ba shi da ita, zazzaɓin da ya fara da safe yana iya zama gubar jini kafin dare, kuma ƙananan yara sun fi shiga wannan hatsari. Shi ya sa ake jinkirta tiyatar har yaro ya kai shekara 6, a yi masa allurar rigakafi makonni kafin a yi, a ɗora shi a kan fenisilin bayan an yi. Wasu cibiyoyin sukan cire wani ɓangare ne su bar saura.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin abin lura. Saifa ce ke tsince ƙwayoyin da zazzaɓin cizon sauro ya shiga, kuma wanda aka cire wa ita zazzaɓin yakan yi masa tsanani. Saboda haka yarinyar da ke kan giram 9, tana girma, tana zuwa makaranta, ba a gaggauta yi mata tiyata. Wanda ake yi wa shi ne mai yawan buƙatar ƙarin jini ko wanda girmansa ya tsaya. Wanda kuma aka riga aka yi wa, gidan sauro ya zama masa dole, duk zazzaɓi ya je asibiti a ranar, kuma ya shaida wa duk likitan da zai duba shi cewa ba shi da saifa.