Gargaɗi: Kada Ku Tone Ƙurjin Aski da Allura

Jama'a, musamman mata da masu gidajen gyaran jiki, a yi hattara da ƙananan ƙurajen da ke fesowa a hammata ko ƙwauri bayan an cire gashi. Yawancinsu gashi ne da ya koma cikin fata, kuma sukan baje da kansu. Matsa su da farce da tone su da allura ne ke mayar da su maruru, ya bar baƙin tabon da kan yi watanni bai gushe ba.

Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne. Idan reza ta yanke shi, bakinsa kan yi tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke gefensa. In kuwa an ja fata aka yi aski ƙwal, ko aka tuge da halawa ko hantsaki gashin ya karye a ciki, to tun bai leƙo waje ba zai huda gefen raminsa ya ci gaba da girma a ƙarƙashi. Jiki yana ɗaukarsa tamkar sartse, shi ya sa wurin ke kumbura.

A ɗauki misalin amaryar da aka yi wa aski da reza saura kwana 4 biki, a busasshiyar fata, ana kai reza ana komowa don wurin ya yi sumul, aka kuma bi da turare nan take. Ranar ɗaurin aure hammatarta ta cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, ba su wuce ƙwayar gero ba, a daidai bakin ramin gashi. In an duba da haske, a wasu za a hangi gashin a naɗe ƙarƙashin fata. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin kan yi duhu ne fiye da kewayensa. Abin da ya kamace ta shi ne ta ajiye reza har wurin ya warke, ko da zai kai mako 4. Ta riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, minti 10 zuwa 15, sau 3 a rana, ta sa riga mai sakewa. Idan gashin ya ɗago har lanƙwasarsa ta fito fili, ana iya ɗaga bakinsa da hantsakin da aka goge da sifirit, a bar shi a wurin ba a tuge ba. Wanda ke binne kuwa, a ƙyale shi. Kada ta shafa lemun tsami ko man bilicin don tabo; na farko yana ƙona fata, na biyu sau da yawa yana ɗauke da sinadarin da ke sirantar da ita, ya ba ƙwayoyin cuta dama.

Rigakafin yana wurin askin. A yi shi a ƙarshen wanka, bayan ruwan ɗumi ya tausasa gashi, da kumfa ko man aski. Reza ta zama mai kaifi kuma ta mutum ɗaya, don reza ta haɗaka na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. A bi inda gashi ya kwanta, a ƙwauri daga gwiwa zuwa ƙasa, ba tare da jan fata ko maimaita wuri ba. Gashin hammata ba ya kwanciya gefe ɗaya, sai an duba. Turare da rol-on su jira washegari. Wadda abin ke dawo mata kullum, gara ta koma kilifa da ke barin kamar milimita 1. Hadisin Anas da Muslim ya ruwaito ya sa iyakar barin gashin hammata kwana 40, don haka akwai sararin da fata za ta huta tsakanin aski da aski.

Yanzu ga inda ake tafiya asibiti ba tare da jinkiri ba: ƙurji ya girma yana zugi, wurin ya ɗau zafi, kumburi na yaɗuwa, mugunya na fita, ko zazzaɓi ya shigo. Mai ciwon suga kada ma ya jira alamun su taru. Kada a sayi kafso a kemis a sha da ka.

Akwai kuma kullutun da ba na aski ba ne. Marurun da ke ta komowa a hammata ko matsematsi, yana fashewa yana barin rami da tabo, wata cutar fata ce daban mai buƙatar likita. Kullutu mai tauri can ciki, wanda ba gashi a kansa kuma ya wuce mako 2 bai ragu ba, yana iya zama kaluluwa, kuma a hammata kaluluwa na iya zama alamar tarin fuka ko sankarar mama. Ko ba ya ciwo, a kai shi a duba.