Ajandar zaman hukumar gudanarwa

Hukumar gudanarwar kamfani ko ƙungiya kan zauna sau ɗaya duk wata uku. Tunda zaman bai wuce huɗu ba a shekara, abin da aka kasa yankewa yau sai ya jira wata uku. Shi ya sa sakatare da shugaba ke tsara ajanda tun da wuri.

A ce za a zauna daga ƙarfe 10 zuwa 12. Buɗe taro da addu'a, karɓar uzurin waɗanda ba su zo ba, da amincewa da rahoton zaman baya, minti 15 ya ishe su, shugaba ne zai jagoranta. Rahoton kuɗi kuwa a ba shi minti 40, a rubuta sunan ma'aji a gabansa, da lambar takardar da ta shafe shi, misali takarda ta 3. A kuma nuna ko shawara ake so a yanke, ko sanarwa ce kawai.

Takardun su isa hannun mambobi mako guda kafin zama. Idan sai a zauren aka raba su, ma'aji zai cinye lokacinsa yana karanto alƙaluma, a amince da kasafin da ba wanda ya nazarta. A ganina wannan ne kuskure mafi muni.

Batu mai nauyi a sa shi da farko, kafin mutane su gaji ko wasu su fita adadin da ake bukata ya gaza. Batun da ba a rubuta sunan mai gabatar da shi ba, shugaba ya cire shi tun kafin a aika ajandar.