Buta mai dogon wuya: gayu ce ko tana gyara kofi?

Duk mai kallon bidiyon haɗa kofi a TikTok ya san butar nan mai siririn baki da ya lanƙwashe kamar wuyan agwagwa, wadda ake kira gooseneck. Wasu na cewa gayu ne kawai. Kafin ka tura kuɗinka, tambayi kanka: yaya nake haɗa kofina?

In Nescafe kake kaɗawa, ko French press gare ka, inda garin ke jiƙe cikin ruwa minti 4, riƙe butarka ta gida. Aikin dogon wuya yana wurin kofin da ake tsiyaya wa ruwa ta kan takardar tacewa, irin na V60.

Ga dalili. Ruwa malalaci ne, inda ya ga sauƙi nan yake bi. Buta mai faɗin baki, da ka ɗan karkata ta sai ruwa ya kwararo, ya haƙa rami a tsakiyar garin, ko ya bi gefen takarda ya wuce. Garin da ruwa ya yi ta bi ta cikinsa an tatse shi har ɗaci ya fito, wanda ruwa ya tsallake kuwa tsami kawai ya bayar. Shi ya sa za ka kurɓa ka ji tsami da ɗaci a tare, kofin kuma salam.

Mu ɗauki garin kofi giram 15 da ruwa giram 250. Ana fara zuba kamar giram 40 ne, a jira sakan 30 zuwa 45 garin ya kumbura, iskar cikinsa ta fita. A nan butar gida ke ba da kunya: kana neman 40, kafin ka ɗago hannu sikeli ya nuna 80. Da mai dogon wuya kuwa, zaren ruwan siriri ne, kana zagayawa a hankali daga tsakiya zuwa waje, baki kusa da garin, ba ka taɓa takarda ba. Wajen minti 3 ruwan ya gama sauka.

Sai ka leƙa matatar. Garin ya kwanta sumul? Hannunka ya yi. In ka ga rami, ko tudu a gefe ɗaya, ruwan bai bi ko'ina daidai ba.

Amma fa butar ba ta gyara niƙa. In garin ya yi tsaki-tsaki ya gauraye da ƙura, gara kuɗin ya tafi ga injin niƙa tukuna. Kuma wajen cika fulas, za ta ƙure maka haƙuri.

In aljihu bai kai ba, ƙaramar butar shayin ataya tana da siririn baki. Ɗauraye ta da tafasasshen ruwa kafin ka cika ta, don kada ta shanye zafin.