Nefuron da magungunan sa fitsari

Nefuron shi ne ɗan ƙaramin sashe na ƙoda da ke tace jini ya samar da fitsari. Kowace ƙoda ta ɗan Adam tana ɗauke da kimanin nefuron miliyan ɗaya, kuma ba a ganin su sai da madubin likita. Kowane nefuron ya ƙunshi matata guda da kuma wani siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Matatar tana tsiyayo ruwa daga jini, bututun kuma yana mayar da kusan dukkan ruwan nan da gishirinsa cikin jiki. Magungunan sa fitsari suna aiki ne a kan bututun. Kowane rukuni yana hana mayar da gishiri a wani sashe na musamman, kuma wurin da magani ya tare shi ne ke nuna ƙarfinsa da irin illar da zai iya jawowa.

Tace jini

Matatar nefuron wani dunƙule ne na ƙananan hanyoyin jini da ake kira gulomerulus. Yana zaune a cikin wani ɗan ƙoƙo mai suna ƙoƙon Bowman, wanda aka sa wa sunan likitan Ingila William Bowman da ya yi bayaninsa a 1842. Ƙarfin bugun jini yana turo ruwa, gishiri, sukari da dattin jiki su ratsa bangon hanyoyin jinin su faɗa cikin ƙoƙon. Ƙwayoyin jini da manyan furotin ba sa iya wucewa, shi ya sa ganin jini ko furotin mai yawa a fitsari yake iya zama alamar cewa matatar ta samu matsala.

A jikin baligi mai lafiya, ƙodojin biyu suna tace kimanin mililita 125 a minti ɗaya, wato kusan lita 180 a yini. Ruwan nan yana ɗauke da gishiri kusan kilo ɗaya da rabi. Amma fitsarin da mutum ke yi a yini bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Ke nan fiye da kashi 99 cikin ɗari na abin da aka tace yana komawa cikin jini.

Yadda ruwa ke bin gishiri

Ƙoda ba ta da hanyar ɗibar ruwa kai tsaye. Abin da take yi shi ne ta ja sodiyam, wanda shi ne babban sinadarin gishirin abinci, daga cikin bututu zuwa jini, sai ruwa ya bi shi, domin ruwa kullum yana tafiya ne wajen da gishiri ya fi yawa. Ƙwayoyin bangon bututun suna da ƙofofi da sodiyam ke shiga ta cikinsu, kuma ƙofofin kowane sashe daban suke da na wani. Idan magani ya toshe wata ƙofa, sodiyam ɗin da ya kamata ya shiga ta nan sai ya tsaya a cikin bututu, ya riƙe ruwa tare da shi, su fita a fitsari.

Bututun farko

Sashen da ke biye da ƙoƙon Bowman shi ne ya fi kowanne aiki. Yana mayar da kusan kashi 65 cikin ɗari na sodiyam da ruwan da aka tace, da dukkan sukari, da mafi yawan bayikabonet, sinadarin da ke hana jini yin tsami. Maganin asetazolamayid yana aiki a nan ta hanyar hana mayar da bayikabonet. Duk da girman aikin sashen, maganin ba shi da ƙarfi wajen sa fitsari, saboda sassan da ke gaba suna kwashe mafi yawan gishirin da ya tsallake. Don haka an fi amfani da shi wajen rage matsin ruwan ido a cutar gulakoma da kuma ciwon hawan tsauni. Manitol kuwa ba ya toshe wata ƙofa. Wani nau'in sukari ne da ake ba da shi ta jijiya, ana tace shi amma ba ya komawa jini, sai ya riƙe ruwa a cikin bututu. Ana amfani da shi wajen rage kumburin ƙwaƙwalwa.

Lanƙwasar Henle

Daga nan bututun yana gangarawa can cikin ƙoda, ya juyo ya sake haurowa. Ana kiran wannan sashe lanƙwasar Henle, da sunan masanin Jamus Jakob Henle wanda ya bayyana shi a 1862. Reshen da ke gangarawa yana barin ruwa ya fita. Reshe mai kauri da ke haurowa kuma yana fitar da gishiri amma ruwa ba ya ratsa shi. A nan ake mayar da kusan kashi 25 cikin ɗari na sodiyam, ta wata ƙofa da ke ɗaukar sodiyam ɗaya, fotasiyam ɗaya da kulorayid biyu a lokaci guda. Gishirin da wannan reshe ke fitarwa yana taruwa a tsakiyar ƙoda, har kaurin sinadaran wurin ya kai ninki huɗu na jini. Wannan tarin shi ne ke jawo ruwa daga sashe na ƙarshe idan jiki yana bukatar tsimin ruwa.

Furosemayid da bumetanayid suna toshe wannan ƙofa, kuma su ne mafi ƙarfi a cikin magungunan sa fitsari. Dalili biyu ne. Na farko, sassan da suka rage a gaba ƙanana ne, ba za su iya kwashe gishirin da ya tsallake ba. Na biyu, tarin gishirin tsakiyar ƙoda yana raguwa, sai ƙoda ta kasa tsimin ruwa. Waɗannan magunguna suna ƙara fitar da kalsiyam da maganiziyam, kuma idan aka ba da mai yawa ta jijiya da sauri suna iya taɓa ji.

Bututun nesa

Wannan sashe yana mayar da kusan kashi 5 cikin ɗari na sodiyam, ta ƙofar da ke ɗaukar sodiyam da kulorayid tare. Magungunan rukunin tayazayid, kamar hayidirokulorotayazayid, a nan suke aiki. Ƙarfinsu matsakaici ne amma aikinsu yana daɗewa, shi ya sa suke cikin magungunan farko na hawan jini. Saɓanin furosemayid, suna rage fitar kalsiyam a fitsari, don haka ana ba masu yawan samun tsakuwar ƙoda ta kalsiyam. Suna iya rage sodiyam na jini sosai, musamman ga tsofaffi, domin suna fitar da gishiri amma ba sa hana ƙoda tsimin ruwa.

Bututun tarawa

A sashe na ƙarshe ne ake daidaita lissafi. Kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na sodiyam kawai ake mayarwa a nan, ƙarƙashin ikon sinadarin aldositeron. Amma duk lokacin da aka ja sodiyam a wannan wuri, ana sakin fotasiyam cikin fitsari a madadinsa. Wannan musayar ce ta sa furosemayid da tayazayid suke rage fotasiyam na jini: suna turo sodiyam mai yawa zuwa sashen, shi kuma sai ya ƙara musayar. Sifaironolakton yana hana aikin aldositeron, amilorayid kuma yana toshe ƙofar sodiyam ɗin kanta. Dukansu ba su da ƙarfin sa fitsari sosai, amma suna adana fotasiyam. Haɗarinsu shi ne fotasiyam ya yi yawa, musamman ga mai raunin ƙoda.

Misali daga gazawar zuciya

A ɗauki mai gazawar zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, nauyinsa ya tashi daga kilo 70 zuwa 75 cikin makonni biyu. Tun da lita ɗaya ta ruwa daidai take da kilo ɗaya, ƙarin nan yana nuna kusan lita 5 ta ruwa da ya taru. Likita zai iya fara shi da furosemayid miligiram 40 da safe. Ƙwayar takan fara aiki cikin awa ɗaya, ta yi kusan awa shida. Da awon nauyi kowace safiya ake gane ko maganin yana ci, kuma raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a yini ita aka fi nema. Jiri idan an miƙe tsaye, ƙishirwa mai tsanani da hauhawar kiriyatinin a gwajin jini alamu ne cewa ruwan da ake fitarwa ya wuce kima.

Bayan mako guda gwaji na iya nuna fotasiyam ya sauka zuwa 3.1, alhali mizaninsa 3.5 zuwa 5.0 ne na milimol a lita. Majinyacin kan ji kasala da murɗewar tsoka, kuma bugun zuciya na iya rikicewa. Ƙara sifaironolakton miligiram 25 yana rage wannan asara, domin yana tare musayar da ake yi a bututun tarawa. Sai dai dole a sake gwada fotasiyam da aikin ƙoda cikin mako ɗaya ko biyu.

Idan kumburin ya ƙi sauka, akwai dalilai da aka sani. Furosemayid yana maƙale da furotin a cikin jini, don haka kaɗan ne ke ratsa matata. Sai bututun farko ya zuba shi cikin ruwan fitsari kafin ya isa inda zai yi aiki, kuma idan ƙoda ta yi rauni abin da ke isa yana raguwa. Magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak suna rage tasirinsa. Cin gishiri da yawa ma yana ɓata aikin, domin da zarar awa shidan nan sun wuce ƙoda takan riƙe sodiyam ta mayar da abin da ta rasa. Kanwa ma tana da sodiyam mai yawa, kuma binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da gazawar zuciya bayan haihuwa.

Dalili na ƙarshe yana cikin nefuron ɗin kansa. Idan aka daɗe ana shan furosemayid, ƙwayoyin bututun nesa sukan ƙara girma saboda yawan sodiyam da ke isa gare su, sai su riƙa kwashe fiye da yadda suka saba. A wannan hali likita kan ƙara maganin rukunin tayazayid domin a toshe sassan biyu a jere. Haɗin yana iya sa fitsari mai yawa cikin ɗan lokaci, tare da faɗuwar fotasiyam da sodiyam, shi ya sa ake yin sa na 'yan kwanaki ana bibiyar gwajin jini.