Amsa tun kafin a tambaya: shafin da ke kwantar da hankalin mai saye a kantin intanet

Mai saye a Kantin Kwari yana da ido da hannu. Zai ɗaga atamfa ya duba ta a hasken rana, ya murza ta ya ji kaurinta, ya biya, ya saɓa kayansa ya tafi. Wadda ke zaune a Gombe tana kallon hoton atamfar a waya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana so ta tura kuɗi ga wanda ba ta taɓa gani ba, ta jira kayan da ba ta taɓa ba, sannan ta yi fatan za a saurare ta idan an samu matsala. Shi ya sa ciniki da yawa yake mutuwa bayan an tambayi farashi. Kayan sun yi mata, kuɗin ma ba su fi ƙarfinta ba, zuciyarta ce ba ta natsu ba.

Maganin da masu kantin intanet suke amfani da shi shi ne shafin tambayoyin da aka saba yi, wanda ake gani a allo da sunan FAQ. Wanda ke da shafin intanet na kansa yana ajiye shi a can. Wanda cinikinsa yake a WhatsApp ko Instagram kuwa yana iya mayar da shi hoto ya liƙa a saman shafi, ko ya ajiye shi a matsayin amsar da ake turawa da taɓawa ɗaya. Inda aka ajiye shi ba shi ne abin damuwa ba. Abin da ke ciki shi ne magana, kuma a nan ne yawanci ake yin sake.

Ka duba irin amsoshin da ake rubutawa: "Muna kai kaya cikin gaggawa." "Ku kwantar da hankalinku, mu masu amana ne." Ɗan damfara ma haka yake rubutawa, har ya fi iya tsara shi. Amsar da ke cire shakka ita ce wadda ta faɗi wane ne zai yi abin, yaushe, nawa ne, da abin da zai biyo baya idan al'amari ya karkace. Kowace amsa alkawari ce, don haka ba a fara rubutu sai an yanke shawarar abin da za a iya cikawa.

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da leshi daga gidanta a Kano, tana aika kaya jihohi. Tambayoyin ba sai ta ƙirƙiro su ba. Ta koma cikin saƙonnin wata biyu ko uku da suka wuce, ta tsamo abin da ake ta maimaitawa, ta rubuta shi yadda masu sayen suka faɗe shi. "Na tura kuɗi, ba ki gani ba?" ya fi "Bayani game da tabbatar da biya", domin mai karatu za ta ji muryarta a ciki.

A ɓangaren biya, tsoron farko shi ne asusun bogi. 'Yan damfara kan kwafi hotunan kanti, su buɗe shafi mai kama da shi, su karɓi kuɗin mutane. To amsar farko ta kasance kamar haka: "Asusu ɗaya muke karɓar kuɗi da shi, ga bankin, ga lambar, ga sunan da zai fito miki kafin ki tura. Idan kin ga wani suna dabam, kada ki tura, ki kira mu. Ba ma canza asusu ta saƙo." Idan kantin yana da rajista da hukumar CAC, a sa lambar rajistar, domin kowa yana iya bincika ta a shafin hukumar, kuma asusun da ke ɗauke da sunan kanti ya fi na ƙanen miji kwantar da hankali. Mai karɓar kuɗi ta kati a shafinsa, ta hanyar kamfanoni irin su Paystack ko Flutterwave, ya faɗi sunan kamfanin, ya kuma rubuta ƙarara cewa ba zai taɓa neman lambar sirrin kati ko lambar OTP ta waya ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai haddasa faɗa: an cire kuɗi a asusun mai saye, ba su shiga na mai kanti ba. Kowa a nan yana da gaskiyarsa. Mai saye ta ga kuɗinta sun fita, mai kanti kuma ta san akwai rasit na bogi da alat na bogi, ba za ta saki kaya a kan hoton rasit ba. Idan ba a rubuta ƙa'ida tun farko ba, mai saye za ta ɗauka ana zarginta da ƙarya. In kuwa an rubuta, ta san kowa haka ake yi masa. Ga yadda za a iya cewa: "Ba ma ɗaure kaya sai mun ga kuɗi a cikin asusu. Idan an cire miki ba mu gani ba, turo mana rasit mai ɗauke da Session ID. Za mu ajiye miki kayan har awa 48 ba tare da mun sayar wa wani ba. Kada ki sake turawa. Idan kuɗi sun shigo sau biyu, za mu mayar da ɗaya a ranar, ta asusun da suka fito." Session ID ɗin nan lamba ce mai tsawo da ke kan rasit ɗin tura kuɗi tsakanin bankuna, ita banki yake bi ya gano inda kuɗi suka maƙale. Jimlar ajiye kaya kuwa ita ce zuciyar amsar, domin abin da ke ɗaga hankalin mai saye a wannan lokaci shi ne ta yi biyu babu.

Sai aika kaya. A nan kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa lokaci biyu a matsayin ɗaya. Akwai lokacin da kaya ke barin hannun mai kanti, wannan a ikonta yake. Akwai lokacin da suke kan hanya, wannan na direba ne da yanayin titi. A raba su: "Wadda ta biya kafin ƙarfe 12 na rana, kayanta za su fita a ranar. Bayan haka sai washegari. Ba ma zuwa tasha ranar Juma'a da Lahadi. Cikin garin Kano ɗan aike ne zai kawo miki har gida. Sauran jihohin Arewa kwana 1 zuwa 3 daga ranar da kaya suka fita." A rubuta kwanakin da aka saba gani a mako maras daɗi, ba na ranar da komai ya tafi daidai ba. Wadda aka ce wa kwana 3 ta samu a 2 za ta yi godiya, wadda aka ce wa gobe ta samu jibi kuwa ta riga ta fara faɗa wa ƙawayenta. A ƙara layi ɗaya game da goman ƙarshe na azumi da makon Babbar Sallah, lokacin da tasha ke cika, tela kuma yana jiran yadi.

Aikawa ta tasha tana da nata sarƙaƙiyar da ya kamata a warware a rubuce. Wa zai biya kuɗin mota, kuma a ina? Sau da yawa mai kanti ta biya a Kano, kaya su isa, a ce wa mai karɓa sai ta ba da wani abu na ajiya ko na sauke kaya. Kuɗin ba su da yawa, amma ranta zai ɓaci domin ba a gaya mata ba. A faɗa mata ko kuɗin da ta biya sun haɗa da wannan ko ba su haɗa ba. A faɗa mata za a turo hoton ƙunshin da sunanta a jiki, da lambar direba, da sunan tashar da zai sauka. Idan ta kamfanin aika kaya ne irin su GIG Logistics, za a turo lambar bin sawu. Sannan tambayar da masu kanti suke gudu: idan kaya sun ɓace a hanya, asarar wa? Shiru a nan ba ya kare kowa. Ra'ayina shi ne, idan mai kanti ce ta zaɓi direba, ita ta ɗauki nauyi har kaya su shiga hannun mai su. Idan mai saye ce ta turo nata direban, nauyi ya koma kanta daga lokacin da aka miƙa masa. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta shi.

Mayar da kaya shi ne inda aka fi ganin gajeriyar amsa: "Ba a dawo da kaya." Wannan layi yana korar mai saye na kirki, kuma ba ya ba da kariyar da ake zato. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun daɗe da yin bayanin sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffa, da zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba. Ke nan abin da ya rage wa mai kanti shi ne ta tsara yadda za a yi.

Tsarin yana farawa da raba dalilai. Idan kuskuren kanti ne, wato an aika wani zane dabam, ko yadi bai cika ba, ko akwai huji ko tabo, kanti zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, mai saye ta zaɓi canji ko kuɗinta. Idan kuwa ra'ayi ta canza, ana iya yarda da canji kawai, ita ta biya mota, muddin ba a yanka ba, ba a wanke ba, ba a cire lamba ba. A sa wa'adi, misali awa 48 daga karɓa, a kuma roƙi mai saye ta ɗauki bidiyo lokacin da take buɗe ƙunshin. Bidiyon yana kashe gardama tun ba ta tashi ba.

Mu lissafa. Wata ta sayi turmi biyu na atamfa, kowanne naira 18,000, da kuɗin mota 3,000, jimla 39,000. Ta auna ɗaya ta tarar yadi biyar da rabi ne maimakon shida. Idan shafin ya yi aikinsa, ba sai ta yi dogon bayani ba. Ta san za ta tura bidiyo cikin kwana biyu, ta san kuɗin mayarwa ba nata ba ne, ta san za ta karɓi wani turmin ko 18,000 ɗinta, ta kuma san ranar: "cikin kwana 3 na aiki bayan kayan sun iso mana." In babu wannan jimla ta ƙarshe, alkawarin mayar da kuɗi bai cika ba.

Launi shi ne mai wuyar sha'ani, domin allon waya yana sauya shi, shuɗi mai duhu ya fito da haske. Rubuta cewa launi yana iya ɗan bambanta daidai ne, amma bai isa ba, kuma bai kamata ya zama mafakar aika ja a madadin ruwan hoda ba. A haɗa shi da tayi: duk mai so a ɗaukar mata bidiyon kayan a hasken rana kafin ta biya, ta nema.

Tambaya goma zuwa goma sha biyu sun isa, kowace amsa ta fara da e ko a'a ko adadi, bayani ya biyo baya. A rubuta da harshen da masu saye suke turo saƙo da shi, a kuma yi saƙon murya na muhimman amsoshin saboda waɗanda sauraro ya fi musu sauƙi. A ba wani wanda bai san kantin ba ya karanta, a tambaye shi nawa zai biya zuwa Yola da abin da zai yi idan kaya sun zo da tabo. Inda ya yi jinkirin amsawa, nan ne za a gyara. A sa kwanan wata a ƙasan shafin, kuma duk ranar da kuɗin mota ya tashi ko aka canza asusu, a gyara shi kafin a ɗora hoton sabon kaya.